Kaftani biyu a kan kanta: wanne za ka biya kuɗinsa?

Saura kwana biyar ɗaurin auren abokinsa ƙanena ya zo ya same ni, wai in raka shi ya sayi ɗinkakken kaftani. Shaddar da ya kai wa telansa tun wata guda tana nan a ninke ƙarƙashin tebur, ko alli ba a sa mata ba. Ni ya nema saboda na yi shekara shida a shagon ɗinkin kawunmu ina yaro, tun daga sa maɓalli da hura gawayin dutsen guga har aka bar ni na hau keke. Ban zama tela ba, amma har yau in na ɗauki riga hannuna cikinta yake fara zuwa.

A wani shago a nan Kano muka tsaya a kan guda biyu, dukansu riga da wando, dukansu daidai shi. Na farko ruwan toka ne, shaddar tana ta ƙyalli, an zuba masa aikin kwamfuta daga wuya har ƙirji, an goge shi ya miƙe ƙyam. Na biyu shuɗi ne mai duhu, aikinsa ɗan siriri ne a bakin wuya da bakin aljihu, ga wani zare yana reto a hannu, maɓalli ɗaya kuma ya langaɓe. Wani abin, shuɗin ya fi ruwan tokar tsada da naira dubu huɗu. Ƙanena ko kallon shuɗin bai yi ba.

"Yaya, ai magana ta ƙare. Ga kyau ga sauƙi."

Na ce wa mai shago, "Alhaji, ka yarda in juya su?" Ya ce bismillah. Wannan tambayar kanta gwaji ce. Wanda ya san kayansa ba ya damuwa a juya, wanda kuma ya fara cewa za ka ɓata masa guga, to ka riƙe wannan a ranka.

Abin da na fara yi shi ne ƙirga taku. Kowane shiga da fitar allura taku ɗaya ne, kuma ana auna su ne a inci guda. In ba ka da tef ɗin awo, gaɓar ƙarshe ta babban yatsanka, daga kan farce zuwa lanƙwasa, ta kai wajen inci ɗaya ga yawancin manya. Ka ɗora ta a kan ɗinkin gefe ka ƙirga. A yadi irin shadda ko yadin maza mai matsakaicin kauri, taku 10 zuwa 12 a inci shi ne daidai. Ruwan tokar na samu 7. Shuɗin na samu 11.

Dalilin da ake buɗe taku ba ɓoyayye ba ne. Akwai wani ɗan majuyi a jikin keke da ke ƙara tsawon taku, kuma in ka tsawaita shi yadin yana gudu da sauri, zare ba ya ƙarewa da wuri. Wanda ake biya a kan yawan rigunan da ya haɗa a rana, musamman in Sallah ta matso, wannan majuyin ne abokinsa. Illar ita ce kowane taku yana ɗaukar nauyin da ya kamata biyu su raba, kuma in zare ya tsinke a wuri ɗaya ramin da zai buɗe babba ne. Amma kada wani ya ji haka ya ce to mafi ƙanƙantar taku shi ne mafi kyau. Shadda saƙarta a matse take. In aka cusa mata taku 18 ko 20 a inci, da allura mai kauri ko wadda bakinta ya dakushe, ramukan allurar suna jeruwa kusa da kusa su zama kamar layin da ake yagar rasit. Ranar da ta tashi yagewa a kan layin ɗinkin za ta yage, zaren yana nan lafiyarsa lau, yadin ne ya tafi. Don haka in ka ɗaga ɗinki a haske ka ga farar huda-huda a gefen zaren, ko zaren yadin ya tsattsinke, ka ajiye wannan rigar.

Daga nan na kama gefen rigar da hannu biyu, hannu ɗaya a kowane ɓangaren ɗinki, na ja a hankali. Ba da ƙarfi ba, kayan mutane ne. Shuɗin bai motsa ba. Ruwan tokar ya buɗe baki, zaren ya bayyana a tsakiya kamar haƙoran mataji. Na nuna wa ƙanena. Ya ce ai da na saki ya koma. Gaskiya ne ya koma, amma duk lokacin da ya zauna, ko ya sunkuya ruku'u, ko ya miƙa hannu ya kama kan babur, wannan jan ne ake yi wa ɗinkin, sau ɗari a yini.

Keken ɗinki na yau da kullum zare biyu yake haɗawa, na sama da ke bin allura da na ƙasa da ke fitowa daga ƙarƙashin farantin keke. In an daidaita su, ƙullinsu yana ɓoyewa ne a tsakiyar yadi, ka duba ta fuska ka duba ta baya ka ga taku iri ɗaya. In ka ga 'yan zobba-zobban zare a ta ciki, na sama ne ya yi sako-sako, kuma farce ma zai iya jan sa. In kuma ka ga ɗinkin ya tattare yadin ya yi ƙananan tudu-tudu, an matse zaren ya wuce kima. Wannan na biyun shi ake ɓoyewa da sitati da guga mai zafi, shi ya sa rigar da ta sha guga sosai a shago nake ƙara sa mata ido. Ka shafa yatsa a kan layin ɗinkin, abin da ido bai gani ba yatsa zai ji. Wankin farko yana fitar da sitatin, tattarewar ta dawo, kuma mai guga ba zai iya kwantar da ita ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan rarar yadi, domin a nan ne kaftanin biyu suka rabu da gaske, a nan ne kuma ido ya fi yaudarar mutum.

Da muka juya ruwan tokar, cikinsa tsaf yake. An bi kowane baki da wibin, wato ɗinkin nan mai kama da raga da ke naɗe bakin yadi don kada ya zare. Fari ƙal, babu zare ko ɗaya a waje. Cikin shuɗin kuwa bai kai haka kyan gani ba: wibin ɗinsa ya ɗan karkace a wani wuri, ga guntayen zare ba a yanke ba. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "To Yaya, a nan ma nawa ya ci." Na ce ya sa yatsa ya auna daga layin ɗinki zuwa bakin yadi. A shuɗin akwai rara wajen inci ɗaya a kowane gefe. A ruwan tokar bai kai kwatan inci ba. Da na duba da kyau ma, a gefen wandon babu wani layin ɗinki daban, wibin ɗin ne kaɗai ya haɗa ƙyallen biyu.

Keken wibin yana da wuƙa a jikinsa, yana yanke bakin yadi yana naɗewa a lokaci guda. Mai zare uku aikinsa kare baki ne kawai a irin yadinmu da ba ya talewa. Ana fara haɗa riga da keke na sosai, sannan a bi bakin da wibin. Akwai mai zare biyar, wanda yake yin layin haɗi daban a ciki da naɗin baki a waje, irin wanda za ka gani a wandunan kanti da yawa, kuma wannan yana riƙewa. Amma in aka haɗa shadda da mai zare uku shi kaɗai, an yi aiki biyu a tafiya ɗaya, an kuma rage yadi. Shadda tana da santsi, zarenta yana zamewa. In rarar ta yi kaɗan, zaren yadin yana sulalewa daga cikin ɗinkin a hankali, har wata rana ka ga gefen ya buɗe alhali ɗinkin bai tsinke ba. Ka kai wa tela ya duba ya ce babu abin kamawa, sai dai ya shiga ciki ya matse rigar, ta fita daga girmanka.

Rara tana da amfani na biyu, wanda duk mai iyali ya sani. Mutum yana ƙiba. Yaro yana tsawo. Riga mai rarar inci ɗaya a kowane ƙyalle, a gefe biyu, in aka kwance aka bar rabin inci, an samu ƙarin inci biyu a zagayen jiki. Wannan ya isa ya raya kaftani shekara ɗaya ko biyu. Haka kalmasar ƙasa: in an naɗe inci ɗaya da rabi ko biyu, akwai abin saki, kuma nauyin naɗin yana sa rigar ta sauka sosai a jiki. Sai dai shadda tana riƙe tabon allura da karin guga, don haka wurin da aka kwance yakan nuna na ɗan lokaci. Duk da haka gara tabo da riga a ƙasan akwati.

Da za a tambaye ni, gamawar da ta fi wibin ita ce wadda ake ninke bakin yadin a ciki a sake bi da ɗinki, ta yadda babu wani ɗanyen baki da ke waje ko kaɗan. Za ka gan ta a gefen rigunan kanti masu kyau da cikin ƙafar wandon jins, layi biyu a jere, a kwance. Tsofaffin teloli haka suke gama riga kafin keken wibin ya cika gari. Tana cin lokaci, shi ya sa ta yi wuya a ɗinkakkun kaya na kasuwa. Aibinta ɗaya, ba ta da abin saki in riga ta matse. A kaftanin nan biyu babu mai ita, don haka na wuce.

Riga ba ta mutuwa a tsakiyar baya. Wurarenta sanannu ne: hammata, saman tsagar gefe, kusurwar aljihu, ƙarshen buɗin wuya, sai hantsar wando. A kowanne ina neman abu ɗaya, ko an ɗaure bakin ɗinkin. Tela in ya zo ƙarshen layi yana danna ribas ya koma baya taku uku ko huɗu ya sake zuwa gaba, sai wurin ya yi ɗan kauri. A saman tsaga kuwa ana gitta 'yan taku a kwance, wasu ma su sa ɗan ƙyalle ta ciki. Shuɗin yana da wannan a tsagarsa duka biyu da bakin aljihun gefe. Ruwan tokar an zo ƙarshen tsaga an yanke zare kawai. Mutum ya ɗaga ƙafa zai hau babur, ko ya zauna a tabarma ya tanƙwashe, nan za ta fara. A hammata kuma layi huɗu ne suke haɗuwa, ya kamata su gamu a wuri ɗaya kamar mararraba. In ɗaya ya zarce ɗaya da rabin inci, an ja wani ƙyalle da ƙarfi ne don ya kai, kuma wurin zai riƙa cin hammata.

Wando mutane ba su cika dubawa ba, tunda riga tana rufe shi. Shi kuwa ya fi shan wahala. Na juya duka biyun na duba hantsa. Na shuɗin an bi ta sau biyu. Na ruwan tokar, wibin ɗin nan ne dai shi kaɗai. Na zura yatsa a ƙubaka in ji ko zariya za ta wuce ba tare da ta maƙale a wurin haɗi ba. Na sa hannu a aljihu har ƙasa. Aljihun ruwan tokar da wani farin ƙyalle mai shara-shara aka yi shi, wanda mukullin babur zai huda cikin wata guda. Na shuɗin da ragowar shaddar aka yi.

Akwai wani gwajin da ba na ɗinki ba ne kai tsaye, amma a ɗinki yake bayyana. Ka kama rigar ta kafaɗa biyu ka ɗaga ta sake. Ɗinkin gefe ya kamata ya sauka a miƙe, dama da hagu. In ɗaya ya karkato gaba ɗaya ya koma baya, an yanka yadin a karkace ne, ba a bi tsayin zarensa ba. Masu yanka da yawa a lokaci ɗaya suna karkata ƙyalle don su cusa hannu ko ƙafar wando a guntun da ya rage. A shadda ganewa da sauƙi, domin zanen da ke cikin saƙarta jere yake: ka bi fure ɗaya da ido daga ƙirji zuwa ƙasa ka ga ko layin ya tafi daidai da tsakiyar riga. A nan, in faɗi gaskiya, rigunan biyu sun tsira. Ƙafar wandon ruwan tokar ta hagu ce kawai ta ɗan murɗe, kuma murɗewar da ka gani kaɗan a shago, bayan wanki ƙaruwa take yi.

Sai shafi. Kaftani ba a cika yi masa shafi duka jiki ba, amma akwai shi a wuya da ƙirji, bayan aiki. A nan ne ruwan tokar yake da abin da ya ja hankalin ƙanena, a nan ne kuma na ga abin da ya sa na yanke hukunci. Aikin kwamfuta dubban taku ne a wuri kaɗan, saboda haka dole a manna wa yadin gam ta baya don ya iya ɗauka. Gam ɗin nan wani ƙyalle ne mai ɗanƙo a fuska ɗaya, zafin dutsen guga ne yake narkar da ɗanƙon ya kama. In zafin bai kai ba, ko ba a danna ya daɗe ba, ko gam ɗin na banza ne, sai ya kama a wani wuri ya saki a wani. Na murza ƙirjin ruwan tokar tsakanin yatsu biyu, sai na ji yana ƙara kamar takarda, kuma a gefen aikin akwai 'yan kumbure-kumbure guda uku kamar bororo. Tun ba a wanke ba ke nan. In ya shiga ruwa, yadin auduga zai ɗan tsuke, gam ɗin ba zai bi shi daidai ba, ƙirjin duka ya yi ƙuraje. Gyaransa sai an cire gam, gam kuwa yana ƙarƙashin aiki, aikin kuma ba ya kwantuwa ba tare da an lalata shaddar ba.

Bayan haka ba a rufe bayan aikin da komai ba. Zaren da ƙullin da gefen gam ɗin duk a fili, a kan fata za su kwanta in ba a sa singileti mai kauri ba. Shuɗin an yi masa shafi da shaddar kanta, an ninke bakinsa an danne da ɗinki, gam ɗinsa mai laushi ne, in ka lanƙwasa yana bin yadin.

Mata sun fi mu sanin zafin wannan, domin su rigar leshi ko ta yadi mai raga ba ta sawuwa sai da layinin, wato shafi, na duka jiki. Matata ta taɓa karɓo doguwar riga wadda layinin ɗinta ya fi leshin matsewa. A tsaye lafiya lau, tana zama a wurin biki ta ji ƙyat a baya. Ƙa'idar ita ce shafi ya ɗan fi rigar sakewa a faɗi, ya kuma gaza ta a tsawo da kamar inci ɗaya. Ya fi ta faɗi don shi ne yake manne da jiki, shi ne yake fara jin motsi. Ya gaza ta tsawo don kada ya leƙo. Ki sa hannu ɗaya a cikin rigar ki kama layinin, ɗaya a waje ki kama leshin, ki ja su gefe tare. In layinin ya riga tsayawa alhali leshin yana da saura, zai yage. Ki kuma duba ƙasa: a doguwar riga an fi so a kalmashe layinin daban, leshin daban, kowa ya sauka da nauyinsa. In aka ɗinke su tare a ƙasa, ranar da ɗaya ya tsuke a wanki sai ɗayan ya yi jaka.

Irin ƙyallen ma abin dubawa ne, kuma a nan zaɓin ba mai sauƙi ba ne. Layinin na roba mai santsi yana sa riga ta zame a jiki, ba ya tsukewa, ga araha, amma a zafin Afrilu mutum kamar an sa shi a leda, kuma da hunturu yana mannewa a ƙafa. Na auduga yana shan gumi, jiki yana shan iska, sai dai yana tsukewa in tela bai jiƙa shi ya bushe kafin ya yanka ba, kuma yana ɗan kama rigar ciki. Rigar da za a sa awa uku a zauren biki mai sanyi, na roba ya isa. Wadda za a yini da ita, auduga. In ana so a tabbatar, a zaro zare ɗaya daga bakin rara a kai waje a kusanta shi da ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Layinin mai launi kuma, ja ko baƙi ko shuɗi a ƙarƙashin leshi mai haske, a jiƙa farin hankici a goga a ta ciki. In ya ɗauko launi, gumi ma zai ɗauko, ya kai shi kan leshin.

Babbar riga ita ma haka. Shafin da ke bakin hannu da ƙasa shi ne yake fitowa fili in an naɗe hannun a kafaɗa, don haka a duba ko an kwantar da shi sumul, ba ya jan rigar, kuma launinsa ba ya zuba. A rigar aikin hannu, irin wadda Zariya ta yi suna da ita, bayan aikin yakan faɗi gaskiyar gabansa: taku a jere a matse, ba dogayen zare da aka tsallaka daga wannan zane zuwa wancan ba.

Mu dawo kan kanta. Da na gama, na ce wa ƙanena kada ya ƙirga yawan aibu, ya raba su gida biyu. Shuɗin yana da aibu huɗu da kowa zai gani: maɓalli mai lilo, zare a hannu, wibin da ya karkace, sannan kalmasar hannun dama ta fi ta hagu faɗi kaɗan. Duk huɗun, yaron tela zai gyara su kafin ka gama shan shayi, da almakashi da allurar hannu da tafiya ɗaya a keke. Ruwan tokar a ido ba shi da ko ɗaya. Nasa su ne buɗaɗɗen taku, tsagar da ba a ɗaure ba, aljihu mai rauni, rashin rara, murɗaɗɗiyar ƙafa da gam mai tashi. Uku na farko suna gyaruwa, a sake bin ɗinkin, a ɗaure tsaga, a sauya aljihu, ko da yake kuɗin wannan aikin zai cinye rabin rangwamen da ake murna da shi. Uku na ƙarshe ba su da magani, domin almakashi ya riga ya yanke, aiki ya riga ya hau. Duk aibin da allura ta yi, galibi allura tana gyarawa. Wanda almakashi da dutsen guga suka yi ne nake gudu.

Ba na cewa ruwan tokar ba shi da mai shi. Da ƙanena anko yake nema wanda za a sa yini ɗaya a ɗauki hoto a ajiye, da na ce ya ɗauka, ya kai a bi masa hantsa da tsaga kawai, don kada ya ji kunya a gaban surukan abokinsa. Haka wanda zai saya wa yaro mai shekara goma kayan Sallah, wanda kafin wata Sallar ya fi ƙarfinsu, kyan gani da araha suna da hujja, ko da yake shi ma rarar kalmasa za ta yi masa rana. Amma ƙanena malamin makaranta ne, kaftaninsa na kirki ba su fi uku ba, kuma wannan zai shiga layi ne: Juma'a, suna, ta'aziyya, wanki duk mako biyu, babur kullum.

Ya yi shiru yana shafa aikin ruwan tokar. Ya ce, "Amma fa ya yi kyau, Yaya." Na ce ya yi, ban musa ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, aibun da ke gyaruwa su ne makamin ciniki. Na ɗaga maɓallin nan da yatsa na nuna wa mai shago, na jera hannun biyu ya ga bambancin kalmasar. Na ce, "Alhaji, ka ga sai mun biya tela." Bai yi gardama ba, ya san na ga cikin ɗayan ma, kuma ban ce komai a kansa da ƙarfi ba alhali akwai wasu masu saye a shagon. Ya rage dubu ɗaya da ɗari biyar, ya ce albarka. Kafin a sa a leda na sa ƙanena ya zura rigar a kan tasa, ya ɗaga hannu biyu sama, ya rungume ƙirjinsa, ya tsuguna. Kafaɗa ba ta ja ba, hammata ba ta yi ƙara ba.

A hanyar gida muka tsaya wurin wani tela a bakin layinmu. Ya cire maɓallan duka huɗu ya sake ɗinka su, yana naɗa zare a ƙarƙashin kowanne don ya samu ɗan wuya, ya kwance kalmasar hannun dama ya daidaita ta da ta hagu. Da ya juya wandon ya ga rarar da ke gefe, sai ya ɗaga kai ya tambayi ƙanena ko yana so a ɗan sake masa cinya, tunda akwai yadi. Aka sake masa rabin inci.